Dubu 700 da fili a bayan gida: kaji, awaki ko kifi?

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce a Zariya. Na ɗauki adashe naira dubu 700, ina so in fara kiwo a filin bayan gidanmu mai faɗin mita 4 da tsawon mita 6. Maigidana ya ce kifi, ƙawata ta ce kaji, mahaifiyata kuma ta ce in turke awaki. Rijiya gare mu, tana ja baya da bazara, wuta kuma sai ta ga dama. Ina fita da safe sai bayan azahar, amma ƙanwar maigida tana gida. Burina in riƙa samun abin da zan taimaka da kuɗin makarantar yara kowane zango. Yanzu muna cikin kaka. Wanne zan kama?

Wa alaikumus salam, Malama.

Kafin ki zaɓi dabba, ki sauya yadda kike ƙirga jari. Yawancin masu farawa kuɗin sayen 'yan tsaki ko 'ya'yan kifi suke ɗauka a matsayin jari, alhali shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Jari na gaskiya shi ne abin da dabbar za ta ci daga ranar da ta shigo gidanki zuwa ranar da kuɗinta ya shiga hannunki. Da wannan ma'aunin za mu auna ukun. Farashin da za ki gani a nan na misali ne kawai don lissafi ya fito fili. Yawan buhuna da kilo su ne ba sa canzawa, sai ki ɗora musu farashin da kika tarar a kasuwa.

Mu fara da kifi, don shi ne mafi saurin yanke wa hukunci. Fili ba matsalarsa ba ce. Tankin tamfol mai mita 3 kowane gefe, da ruwa zurfin mita 1, zai ɗauki lita 9,000, kuma ana iya zuba tarwaɗa 500 a ciki. Zai zauna a filinki har da saura. Sai dai tarwaɗa a cikin ruwan da take sha take kashi, ragowar abinci ma a nan yake ruɓewa. Idan kifin ya fara girma, sai an zubar da sulusi zuwa rabin ruwan kullum ko bayan kwana biyu an sake sabo. Sulusi kaɗai lita 3,000 ne, wato jarka 120 mai lita 25. Rijiyar da ke ja baya ba za ta ba ki wannan ba, sayen ruwa daga 'yan ga-ruwa kuwa zai cinye ribar tun kafin ta zo. Sannan ki tambayi kanki inda ruwan da aka zubar zai bi, domin yana da wari, kuma maƙwabta ba za su yi shiru ba. Ranar da aka kasa sauya ruwa za ki ga kifin ya daina cin abinci, ya taso sama ya tsaya a miƙe, gashin bakinsa ya yi fari yana gutsirewa. Yawancin abin da ake kira cutar kifi daga lalacewar ruwa yake farawa.

Ko da ruwa ya wadata, ga abinci. Kafin tarwaɗa ta kai kilo 1 tana cin kilo 1 da 'yan kai na abinci mai kyau, cikin wata biyar zuwa shida. Kifi 500 ke nan suna neman buhu 35 zuwa 40 na kilo 15. A ce buhun naira dubu 25 ne, kin haura dubu 850, ba a sa kuɗin tanki da injin jan ruwa ba. Abin da ke yaudarar mutane shi ne watanni biyun farko: kifin ƙanana ne, buhu ɗaya yana daɗewa, sai mutum ya ga ai abin da sauƙi. Mafi yawan abincin a watanni biyun ƙarshe ake cinye shi, daidai lokacin da aljihu ya bushe. Daga nan sai a fara rage musu ci, manya su koma cin ƙanana, a ƙarshe dillali ya zo da sikelinsa ya saye a yadda ya ga dama. Ƙari a kan haka, idan kika zuba yanzu, girmansu zai faɗo cikin hunturun Zariya, kuma tarwaɗa ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30. Idan ruwa ya yi sanyi takan rage ci, girma ya tsaya. Ki ba maigida haƙuri. Shawararsa ta mai burtsatse da sola ce, ba ta gidanku a yanzu ba.

Kajin ƙwai ma ki ajiye su gefe. Sai sun kai mako 18 zuwa 20 suke fara saka, wato kusan wata biyar kina ciyarwa ba kwabo mai shigowa, bayan nan kuma kaza 100 na cinye buhu mai kilo 25 cikin kwana biyu da ɗan wani abu. Sana'a ce mai kyau ga wanda ke da wani kuɗin a bayan jarin.

Saura burola, wato kajin nama, da awaki. A nan ne zaɓin yake da gaske, kuma halinsu ya yi hannun riga.

Burola ita ce mai saurin juyawa. Cikin mako shida zuwa bakwai tana kai kilo 2 zuwa 2 da rabi, bayan ta ci kilo 4 zuwa 4 da rabi na abinci. Kaza 100 buhu 17 ke nan ko 18. A ce buhu dubu 25, ɗan tsako 1,200, rigakafi da gawayi da diddigar katako dubu 40, gyaran ɗaki da mazuban abinci da na ruwa dubu 100: kin tashi a kusan dubu 685. Kusan dukan adashen ya shige cikin zubi ɗaya, na mutumin da bai taɓa renon ɗan tsako ba. Wannan ne kuskuren da muke so ki kauce wa. Kaza 50 kuwa buhu 9 za su ci, dubu 225, tsaki dubu 60, magani da gawayi dubu 25, jimilla dubu 310, sai kayan aiki na kusan dubu 70 da za su yi miki zubi da yawa nan gaba. Idan uku suka mutu, abin da ba baƙo ba ne, kowace kaza cikin 47 da suka rage ta tsaya miki a kusan 6,600. Wannan adadin shi ne abin da za ki riƙe a ka. Ki je Sabon Gari ko Samaru ki ji nawa ake sayar da kaza mai wannan nauyin a raye. Idan tazarar ba ta kai ta biya wahala ba, kin sani tun kuɗinki na hannunki.

Fili kuma kaza 10 ne a kowane murabba'in mita, gara ma 8 idan gari ya yi zafi. Kaza 50 za su wadatu da mita 2 a mita 3. A yi ginin ƙasa-ƙasa, sama a sa raga don iska ta ratsa, a tanadi buhuna ko leda da za a sauke da dare.

Haɗarin burola shi ne komai nata da sauri yake faruwa, har mutuwa. Kwanaki 14 na farko su ne masu wuya. A makon farko 'yan tsaki na son ɗumin digiri 32 zuwa 34, ana ragewa kamar digiri 3 kowane mako. Ba sai kin sayi ma'aunin zafi ba, su da kansu za su gaya miki: idan suka cunkushe jikin kurfoti suna kuka, sanyi suke ji, idan suka gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa, idan suka bazu suna ci suna sha, daidai ne. A hunturu mutane kan toshe ɗaki ruf don tsoron sanyi, ga gawayi na ci, da asuba a tarar da tsaki kwance. Iskar gawayi ce ta kashe su, ba sanyi ba. A bar gawayin ya ruru a waje ya daina hayaƙi kafin a shigo da shi, kuma a bar kafa a sama ko da yaushe. Ki zaunar da ƙanwar maigida ki nuna mata wannan da idonta, don ita ce za ta kasance a wurin sa'ad da kike aji.

Cututtuka uku ne suka fi ɗibar kajin ƙaramin mai kiwo. Gumboro tana kamu tsakanin mako uku zuwa shida: kaji su yi laushi, gashi ya tashi, farin zawo ya manne a gindi, su yi ta mutuwa na 'yan kwanaki. Niyukasil ta fi tashi da hunturu, da koren kashi da wahalar numfashi da murɗewar wuya, kuma kajin gida ne suka fi yawo da ita. Duka biyun ba su da magani, sai rigakafi. Tsarin da aka fi bi shi ne Gumboro wajen kwana 7 zuwa 10 a maimaita bayan mako biyu, Lasota kuma, wato rigakafin Niyukasil, wajen kwana 14 a maimaita wajen 28, amma ki karɓi jadawalin wurin da kika sayi tsakin ki bi shi. Mutane da yawa sun yi rigakafin amma kaji sun mutu, dalili kuwa maganin ya riga ya mutu a hanya. A saye shi daga firji, a ɗauko cikin ƙanƙara, a janye wa kajin ruwa na awa ɗaya zuwa biyu da sassafe don su ji ƙishi, a haɗa da ruwan rijiya mai tsabta ba na famfo mai sinadari ba, su shanye cikin awa biyu. Ta ukun ita ce kashin jini, wadda ke zuwa daga jiƙaƙƙiyar shimfiɗa. Ita tana jin magani, amma mafi sauƙi shi ne a ɗora mazubin ruwa a kan bulo, a kwashe duk inda ya jiƙe nan take. Akwai kuma murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a jihar Kaduna a 2006 kuma takan dawo lokaci zuwa lokaci. Idan kika ga kaji na faɗuwa da yawa a yini ɗaya, tukku da ƙafafu sun yi duhu, kada a yanka, kada a sayar, a kira likitan dabbobi. Idan akwai kajin gida ko agwagi ko tattabaru a gidan, to sai dai ɗaya, ko su ko burola.

Akwai wani haɗarin da ba cuta ba ne, kuma shi ya fi cin ribar masu kaji: ranar sayarwa. Burola ba ta jira. Bayan mako bakwai kowace tana cin kusan giram 180 a rana, kaza 50 kilo 9 ke nan, buhu biyu da rabi a mako. A farashin misalinmu, kowane makon jinkiri yana ƙara wa kowace kaza kusan 1,300, mai saye kuwa ba zai ƙara miki haka ba. Tunda ba wutar da za ta riƙe firiza, ba ki da damar yankawa ki ajiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kajin na mako uku ki fara rubuta sunayen masu so: malaman da kuke aiki tare, mai gashin kaza na bakin titi, mai abincin sayarwa, gidan da ke shirin biki. Kaza 50 za su iya ƙarewa a hannun waɗanda kika sani. Kaza 200 dole sai ta hannun dillali, shi kuma ya san kina cikin matsi. Bashi ga abokan aiki “zuwa ƙarshen wata” ki sa masa iyaka, don kuɗin zubi na biyu ne yake tafiya.

Akuya duk akasin wannan ce. Ba ta neman wuta, ruwan da za ta sha bai wuce 'yan litoci ba, ba ta damu da zafin bazara ba, kuma idan kasuwa ba ta yi daɗi wannan makon ba sai ki mayar da ita turke ki jira. Murabba'in mita ɗaya da rabi zuwa biyu ya ishi kowace, da rumfa da busasshiyar ƙasa, don ba abin da akuya ta ƙi kamar danshi. Shawarar Mama tana da tushe.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba game da turkar awaki: ƙibar da akuya ke yi ita kaɗai da ƙyar take biyan abincinta. Jar akuyar Sakkwato, wadda ake kira ta Maraɗi a Nijar, idan tana cin abinci mai kyau takan ƙara giram 50 zuwa 90 a rana, wato kilo 5 zuwa 8 a kwana 90. A ce kin sayi taure mai kilo 20 a dubu 45. Zai ci kusan giram 800 na busasshen abinci a rana, rabi harawa rabi dusa. A wata uku ya ci dusa kilo 36 da harawa kusan haka, a ce dubu 17, da magani dubu 2. Ya tsaya miki a dubu 64. Idan ya kai kilo 27 kuma kasuwa tana nan yadda kika saya, abin da za a taya shi bai fi dubu 60 ko 61 ba. Kin yi wata uku kina aiki kin faɗi. To ina ribar masu turka take fitowa? Daga wuri uku. Suna saye lokacin da dabba ta yi araha, kamar farkon damina da manoma ke fitar da dabbobi don sayen taki. Suna tara harawa da kaka tana banza, kafin ta ninka da rani. Suna kuma sayarwa lokacin da ake nema: Kirsimeti da 'yan kudu ke lodi, Sallah, da masu suna da biki. Wanda ya sayi akuya da tsada ya kuma sayi harawa ƙulli-ƙulli a watan Afrilu, asusu yake yi, ba kasuwanci ba.

Saboda haka rabin sana'ar a ranar saye take. A nemi namiji mai dogon jiki da faɗin ƙashi wanda ya rame don yunwa, ba don ciwo ba. Irinsa ne ke cika da sauri idan ya samu ci. A buɗe baki: mai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi za a ga manyan haƙora biyu sun fito a tsakiyar na ƙasa. Tsoho mai gajerun haƙora da suka cinye ba ya ƙiba, ƙarami sosai kuma tsawo zai yi ta yi. A ja fatar ido ta ƙasa: ja-ja ake so, idan fari fat ne tsutsar ciki ta sha jininsa. Majina, kwantsa, tari, ƙuraje a leɓe ko zawo a gindi, a wuce ko da an ce kyauta ne. Taure ya fi bunsuru natsuwa da saurin ƙiba, kuma ba shi da warin da zai dami gida. Ki tura wanda ya san dabba kuma kika amince da shi, ki biya shi ladansa a fili, ya fi a ɓoye shi cikin farashi.

Babbar barazanar awaki ita ce annobar da likitocin dabbobi ke kira PPR: zazzaɓi, majina da kwantsa, gyambo a baki, zawo mai wari, sannan ciwon huhu. Sau da yawa daga kasuwa ake kwaso ta, ta bayyana bayan 'yan kwanaki a gida. Tana da allurar rigakafi da ake yi a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, allura ɗaya tana kare dabba shekara uku. Kwalbar ta dabbobi da yawa ce, don haka ki tambaya a asibitin dabbobi ko ki haɗa kai da maƙwabta masu awaki. Duk sabuwar akuya a ware ta mako biyu zuwa uku, a ba ta maganin tsutsa gwargwadon nauyinta, a yi maganin kaska da ƙwarƙwata. Kada a tara mata dusa ranar farko. Cikin da ya saba da ciyawa idan aka cika shi da dusar masara ko ragowar tuwo farat ɗaya, sai ya yi tsami ya kumbura ta gefen hagu, dabba ta iya mutuwa a kwana ɗaya. A fara da tafin hannu biyu, a ƙara a hankali cikin kwana goma, kullum harawa ta riga dusa shiga ciki. Ɗan gishiri da kanwa, ruwa mai tsabta, kuma a share leda daga filin, don akuya na haɗiye ta ta tsaya a tumbi, sai a ga tana ci tana ramewa. Ki lura da bambancin asara: kaza uku cikin 50 an riga an sa su a lissafi, amma taure ɗaya cikin biyar, ko ya mutu ko an sace, ya tafi da ribar sauran huɗun. Ƙofar bayan gida tana buƙatar kwaɗo mai kyau.

Ga abin da muke ganin ya dace da ke. Kuɗin makaranta na zuwa sau uku a shekara, kuma a cikin ukun nan burola kaɗai ke iya juyawa cikin zango ɗaya ta bar miki lokacin wanke ɗaki a bar shi ya huta mako biyu. Ita ce za ta zama sana'ar. Ki zuba 50 a makon farko na Nuwamba, su isa sayarwa daga tsakiyar Disamba, kuɗin ya iske komawar makaranta a Janairu. Ki yi odar tsakin da wuri, don kowa wannan lokacin yake hari kuma farashi kan tashi. Wannan ya ci dubu 380. Taure uku da abincinsu kusan dubu 190, su ne ajiyar da za ki iya mayarwa kuɗi ranar kasuwa idan kaji suka ba ki kunya. Harawarsu ki saye ta yanzu gaba ɗaya, ta wake ko ta gyaɗa, a ɗora a kan katako ƙarƙashin rumfa inda rana da raɓa ba za su taɓa ta ba. Ragowar dubu 130 kada ki taɓa. Ita ce za ta sayi buhu biyar idan abinci ya tashi ko masu saye suka yi jinkiri.

Filin zai ɗauke su: mita 2 a 3 na kaji a gefe ɗaya, kusan haka na awaki a ɗaya gefen, tsakiya wurin harawa da buhuna, da shinge mai ƙarfi. Akuya idan ta samu buhun abincin kaji a buɗe za ta ci har ta kumbura, don haka buhunan su zauna a cikin durom mai murfi.

Idan zubin farko ya fita da mutuwar da ba ta wuce uku ko huɗu ba, kuma kajin suka ƙare cikin kwana goma, ki faɗaɗa ɗakin ki ƙara zuwa 70 ko 80 a Janairu. Daga Maris zuwa Mayu kuwa ki dakata da burola ko ki rage sosai. Babbar kaza mai kilo 2 ba ta jure zafin bazara a ƙarƙashin kwano. Za ki gan ta baki buɗe, fuka-fuki a sake, ta mutu da la'asar ba tare da wata cuta ba, a daidai lokacin da rijiyarku ke ja baya. Waɗannan watannin na awaki ne, kuma a ƙarshensu, da ruwan farko ya sauka manoma suka fara fitar da dabbobi, lokacin sayen sababbin da za a turke ya yi.

Ki sayi littafi mai layi tun ranar farko. Kowane buhu da ranar da aka buɗe shi, kowace kaza da ta mutu da kwanakinta, kowace da aka yanka a gida a rubuta ta da farashin kasuwa kamar baƙo ne ya saya. Zubi na farko ki auna kaji biyar kowace Asabar da sikelin kicin. Idan a ƙarshen mako na huɗu ba su haura kilo 1 ba, ki duba abincin da yawan mazubai kafin ki zargi tsakin.